Tukunyar da Aka Hana Nomau Taɓawa

"To ai shi nake gaya maka, ba ciwo ya ramar da shi ba," in ji Tasalla, tana juya kunu da ludayi. "Girmamawa ce. Da mun ƙara wata guda muna girmama shi, da yanzu an yi sadakar bakwai."

Safiyar Litinin ce, ranar kasuwar Maraɗi, ina zaune bisa kututture a ƙofar gidansu da ƙwaryar kununa a hannu. Na ce mata ban gane ba. Ta ce in sha kununa in yi shiru, za ta fahimtar da ni, don yau bakinta ba zai iya zama ba. Yau ne yayanta Dogo zai zo daga Jiratawa da jaki, ko dai ya bar mata mahaifinsu ko ya ɗauke shi.

Duk wanda ya taɓa bi ta Sabon Gari da safe ya san Tasalla. Gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, ta haura arba'in, ɗankwalinta kullum a karkace. An haife ta a Jiratawa ranar Salla, shi ya sa sunan ya bi ta, ko da yake a gidansu ba a salla sai tsafin gado. Ta auri Maman Lawali tela tun suna tsohon gari. Shekarar da gulbi ya ci gari, kumandan Nasara mai mulkin garin ya sa aka tashi zuwa tudu, mijin ya ɗauki keken ɗinki ita kuma ta ɗauki turmi, har yau tana cewa nata kayan ya fi nauyi kuma ya fi amfani. Tun daga lokacin take sayar da kunun gyaɗa da safe, fate da rana, galibi ga 'yan dakon da ke loda buhunan gyaɗa a mota.

Mahaifinta Nomau ya zo gidan ne da faɗuwar ruwan farko. A zamaninsa manomi ne na ji da gani, ya taɓa ɗaure dami dubu a kaka ɗaya, aka yi masa kiɗa kwana uku, kuma ba ya bari a manta. Amma bara matarsa ta rasu, gwiwa ta ƙi, haƙora suka yi ta zuba ɗaya bayan ɗaya har saura huɗu, biyu sama biyu ƙasa, kuma babu wanda ke daidai da ɗan'uwansa. A Jiratawa da damina kowa na gona tun safe har la'asar, ba mai zama da tsoho. Tasalla ta yi ta roƙon Dogo har ya yarda ta kawo shi birni.

A nan girmamawar ta soma. Maman Lawali mutum ne mai kunya, ga shi suruki ya sauka a gidansa. Ya ba shi ɗaki mafi kyau, wanda ƙofarsa ke kallon zaure, inda shi telan ke zama da kekensa wuni guda. Kullum da safe yakan cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa, ya gaida shi kai a ƙasa. Kullum da la'asar kuma yakan aika wurin mahauci a kawo abin da ya dace da babban baƙo: yau tsire, gobe balangu, jibi kilishi mai kauri kamar tafin takalmi. Tasalla kuma sai ta tuƙa tuwon gero mai ƙarfi irin wanda ta san yana so tun tana yarinya, ta cika akushi har ya yi tozo.

Akushi yana dawowa a suɗe, takardar nama a lashe. Kowa ya ji daɗi. Sai dai tsoho yana ta shiga cikin rigarsa. Yana da wani kambu na fata a damtsen dama wanda ya ɗaura tun yana saurayi, wanda a da sai an shafa mai kafin ya motsa. Kafin wata biyu kambun ya sauko gwiwar hannu, in ya miƙa hannu sai ya zame har wuyan hannu kamar awarwaro.

Ta kai shi wurin likita, likita ya ƙwanƙwasa ƙirji ya leƙa ido ya ce bai ga ciwo ba, a ba shi abinci. Tasalla ta ce saura kaɗan ta zage shi, don a ganinta duk Sabon Gari ba wanda ake ba abinci kamar Baba.

Ana tsakiyar damina Dogo ya zo dubiya. Bai yi dogon magana ba, shi dama ba ya yi. Ya kama kambun ya tura shi sama, ya sake, kambu ya gangaro. Ya ce wa ƙanwarsa birni bai karɓi Baba ba, mutanen Jiratawa har sun fara cewa an kai Nomau inda ake salla an bar shi da azumi. Ya ce ranar Litinin ta farko bayan ya gama ɗaure gero zai dawo da jaki. In kambu ya tsaya a damtse, to. In bai tsaya ba, gara tsoho ya ƙarasa kwanansa a ɗakinsa.

"Ka san abin da ƙarasa kwana ke nufi a can?" Tasalla ta tambaye ni. "Matar Yaya ba muguwa ba ce, amma tana da 'ya'ya bakwai da lambu. Za a aje mashi tuwon jiya da ruwa a tafi. Ba zai kai girbin wake ba."

Asirin ya tonu ne ta bakin Gado. Gado tsohon gardi ne, wato sojan gadi na gwamnati, da ke zaune bayan gidansu, shekarunsa sun kusa na Nomau amma haƙoransa na nan reras, yana alfahari da su fiye da lambar da Nasara suka rataya masa. Tun zuwan Nomau yake shigowa hira kowace la'asar ta ƙofar baya. Wata rana ya tsaya sayen kunu, yana sakace, ya ce wa Tasalla cikin muryar mai ba da shawara ta gaya wa tela ya sake mahauci, tsiren jiya duk jijiya ne.

Ta aje ludayi ta dube shi da kyau. Sai a ranar ta lura kumatunsa sun cika, wuyansa ya yi layi biyu, har hularsa ta soja ta matse.

"Baba Gado, kai da wa kuka ci tsiren?"

Ya yi tari, ya ce shi ɗanɗanawa kawai ya yi. Ta ce ɗanɗanawar wata biyu ke nan ta fito masa a wuya. Da ya ga ba mafita sai ya zauna ya faɗi gaskiya. Nomau ba ya iya tauna nama, tuwon ma in ya yi tauri sai ya yi ta juya shi a baki har ya gaji. Amma ba zai iya mayar da kyautar suruki ba, ba kuma zai iya aika masa cewa ba shi da haƙori ba. Abu na biyu ya fi wannan: ƙofar ɗakinsa na kallon zaure, tela na zaune, shi kuwa Nomau bai taɓa kai loma baki a gaban suruki ba, ba kuma zai fara da tsufa ba, balle irin cin da yake yi yanzu, baki na motsi kamar na akuya. Don haka yakan jira Gado, ya tura masa akushi bayan ƙofa, shi ya kurɓi miya ya sa goro a kunci yana tsotsa har dare. Gado ya ce shi taimako yake yi, yana rufa wa aboki asiri.

"Allah ya saka da alheri," in ji Tasalla. "Ka rufa shi har ya kusa shiga rami."

Ta ce tana jin haka ta ɗauka magana ta ƙare. Washegari ta dama koko mai ruwa-ruwa, ta kai masa da kanta, ta ce Baba ga abu mai sauƙi tunda haƙori ya ƙi. Nomau ya dubi ƙwaryar, ya dube ta, ya tambaya wa ya haihu a gidan. Ta ce ba kowa. Ya ce to wa ke mutuwa. Ya ce shi abin da ya sani, mutum biyu ake bi da koko har ɗaki, mai jego da wanda aka fid da rai da shi, ta faɗa masa wanne ne shi. Ya juya fuska bango. Kwana uku ko miyar da yake kurɓa a da bai taɓa ba.

Ran Laraba ta bar tukunya a hannun maƙwabciya ta kama hanyar Tibiri a ƙafa, ita da masu zuwa kasuwa. Akwai wata tsohuwa a can, Baraka, ɗiyar kawun Nomau, wato taubashiyarsa, wadda tun suna yara suke zagin juna. Baraka ba ta da haƙori ko ɗaya shekara goma ke nan, amma in ta zauna tabarma ba ta isar ta. Tasalla ta ce wannan ce malamar da take nema.

Baraka ta saurari labarin duka tana dariya har tana riƙe ciki, musamman wurin wuyan Gado. Sannan ta shigar da ita madafa ta nuna mata yadda take ciyar da kanta. Ta ce koko mai ruwa yaudara ce, yana cika ciki ba ya riƙe ƙafa; tsoho cikinsa ƙarami ne, don haka kowane ludayi sai ya zo da kaya. A kunu a sa gyaɗa da yawa, a tace da kyau, a ɗiga tsamiya don tsami na ta da marmari. A fura a dama ta da nono mai kauri har gudaji su mutu. Tuwo a sauke shi da laushi, wanda yatsa ke nutsewa ciki, a bi shi da miyar kuɓewa ko kuka mai yauƙi don ya wuce maƙogwaro ba gardama, a ɗora man shanu. Nama kuwa ba a hana tsoho nama. A dafa shi har ya saki, a zuba a turmi a daka, a mayar cikin romonsa. Ta nuna mata kabewa da aka dafa aka murje, da wake da aka surfe aka cire masa fata, da ƙwan zabi da ake fasawa cikin miya tana tafasa. Tarwaɗa ma ta ce tana da kyau, amma a bi ta da yatsa sau biyu saboda ƙaya. Barkono kaɗan, don dasashi ya zama fili. Kada abinci ya yi zafin ƙona baki, kada kuma ya huce. Kada a ba shi yana kishingiɗe. Kada ya cika ciki da ruwa kafin ci. Ta ce kuma a ɓoye wannan akushi mai tozo, ganinsa kaɗai na ƙosar da wanda ba ya jin yunwa; a samo 'yar ƙwarya kamar ta yaye, a ba shi sau biyar sau shida a wuni.

Tasalla ta ce duk ta ji, amma ba zai karɓa ba.

"Karɓa? Wa ya ce ki ba shi?" in ji Baraka. "Bawan nan nawa tun yana tsirara ba a ba shi abu ya karɓa. Abu biyu ya iya, ya sata ko ya kushe. Ki ba shi hanyar duka biyun."

Da za ta tafi Baraka ta ba ta murfin gwangwanin sardin da aka huda da ƙusa, magogin goro, ta ce a kai wa bawanta, amma kada ya ga goro sai bayan ya ci, don goro na kashe yunwa. Ta ce kuma a gaya masa ta ji labarin ya kusa, tana nan tana shirin zuwa gadon garmarsa.

Tasalla ta fara da mijinta. Ta ce wannan ne ya fi mata wuya, don da ta gaya masa inda tsirensa ke tafiya da dalili, sai ya daina taka keke ya rufe fuska da yadin da yake ɗinki, ya daɗe a haka. Ya ce shi yanzu da wane ido zai gaida Baba. Ta ce da idon da ya saba, don Baba bai san ya sani ba, kuma ba zai taɓa sani ba. Washegari Maman Lawali ya sanar da duk mai ji cewa hasken ƙofar ciki na kashe masa ido, ya rataya asabari, ya juya kekensa ya fuskanci titi. Nama bai daina saye ba, sai dai yanzu ɗanye ne, kuma ta hannun Tasalla yake bi.

Sannan ta je wurin uban da fuskar damuwa. Ba ta ambaci ci ba sam. Ta ce kaji sun dame ta, da ta juya baya suna cikin tukunya, ga ta ita kaɗai tana kai da kawo tsakanin murhu da ƙofar gida. Ko Baba zai taimaka ya zauna gindin darbejiya a bayan madafa ya riƙa kora mata su. Nomau ya ce wato mai dami dubu ya koma korar kaji. Amma ya tashi, don zaman ɗaki ya ishe shi, kuma daga gindin darbejiya ba a hangen zaure.

Ta shimfiɗa masa buzu ya jingina da itacen, ta ba shi kara. Ta aje wata 'yar tukunya kusa da shi, faten tsaki da kabewa da dakakken nama, man shanu na narkewa a kai, da ƙaramin ludayi a ciki kamar an manta.

"Wannan ta wani babban ɗan kasuwa ce, Baba, shi ya sa a yi mashi daban. Don Allah ko kaza ko mutum kada wanda ya taɓa."

Ta fita ƙofar gida ta yi ciniki, ta daɗe da gangan. Da ta dawo fate ya sauka da kamar yatsa biyu, an kuma shafe samansa da bayan ludayi don kada a gane. Nomau na kallon sama. Ta ce ikon Allah, kamar ya ragu. Ya ce wuta ce ta tsotse shi, ita da ke girki shekara talatin ba ta san fate na tsotsewa ba. Ta ce gaskiya ne. Ba ta ce masa akwai mai a gemunsa ba.

Da la'asar ta buɗe hanya ta biyu. Ta kawo 'yar ƙwaryar kunu ta ce 'yan dako na ƙorafi wai hannunta ya lalace, ita kuma harshenta ya saba ba ta ji, ko Baba zai ɗanɗana ya faɗa mata gaskiya. Ya kurɓa ya yamutsa fuska ya ce tsamiya ta yi kaɗan. Ta ƙara ta kawo. Ya kurɓa sau uku ya ce yanzu ta yi yawa. Ta gyara ta kawo. Kafin a daidaita tsamiya ƙwarya biyu ta wuce, ya kuma rufe da cewa uwarta ta fi ta iyawa nesa ba kusa ba. Sai ta miƙa masa magogi da ɓarin goro, tare da saƙon Baraka. Ya goga goron ya zuba a baki, yana jin abin da ya yi wata da watanni bai ji sosai ba, sannan ya ce a gaya wa waccan baiwar shi zai binne ta, kuma ba zai sa a yi kiɗa ba.

Ba kullum abin ke tafiya daidai ba. Akwai ranar da ƙaya ɗaya ta tsere mata a cikin tarwaɗa, ya yi kwana biyu yana binciken kowace loma kamar ɗan kwastan. Akwai ranar da dasashinsa ya kumbura, sai ruwan ɗumi da gishiri ya yi ta kurkurawa, fura kaɗai ta shiga. Ta kuma lura da safe ya fi ci, don haka ta mayar da tukunyar ɗan kasuwa ta zama ta hantsi, yamma kuwa abu kaɗan. Ta lura in shi kaɗai ne yakan gaji da wuri, sai ta kira Gado ta ce tunda ya ci na wata biyu a ɓoye, yanzu zai biya da zama. Gado ya riƙa zuwa ana zuba masa irin abin da ake zuba wa abokinsa, yana gunaguni wai da haƙoransa talatin ana ba shi abincin 'yan yaye, yana kuma suɗe ƙwarya har da yatsa. Nomau ya ga ana cinye masa abin sata a gabansa, sai ya fara sauri.

Na tambaye ta ko kambun ya tsaya. Ta ce mako bakwai ba ya mayar da abin da wata biyu ya ɗauke. Baba yanzu yana zuwa ƙofar gida da ƙafarsa, yana zagin masu wucewa, muryarsa ta dawo. Amma jiya da ta duba, kambun yana kamawa ne ya ɗan tsaya, in ya girgiza hannu sai ya gangaro. Ta ce har ta yi tunanin kai shi wurin baduku a tsuke, sai ta ga in Yaya ya gane ba zai sake yarda da maganarta ba har abada.

Muna cikin haka Dogo ya ɓullo ta kwanar masallaci, yana jaye da jaki an ɗaura masa buhu da tsumma a baya don zaman tsoho. Tasalla ta durƙusa ta gaida shi, ta tambayi mutanen gida da yadda gero ya yi. Ya amsa a gajarce ya tambayi inda Baba yake. Ta ce da ni in taso, tana son mai shaida.

Muka tarar da Nomau gindin darbejiya da kararsa, Gado a gefe, 'yar tukunya a tsakaninsu. Dogo ya tsuguna ya yi gaisuwa. Nomau ya amsa yana kallon wani wuri, kamar yadda uba ke yi da ɗan fari, ya tambayi dami nawa aka samu. Da aka faɗa masa ya ce a zamaninsa wannan kaji ake bar wa.

Dogo ya nemi izini ya kama hannun, ya naɗe hannun rigar, ya tura kambu sama ya sake. Kambu ya tsaya. Ya girgiza hannun a hankali, kambu bai motsa ba. Na ga Tasalla ta buɗe baki ta rufe. Dogo ya ƙara girgizawa, sai wani ɗan jan ƙyalle mai furanni ya leƙo ta ƙarƙashin fatar, irin guntayen da ke zube a ƙasan zauren tela. Gado ya shiga kallon kaji da ƙwazo.

Dogo ya ja ƙyallen da yatsa biyu, ya yi ta fitowa kamar ba zai ƙare ba. Kambu ya gangaro, amma bai wuce gwiwar hannu ba. Ya dubi ƙanwarsa. Ta rantse da kabarin uwarsu ba ta san da shi ba.

"Bar ta, ba ita ba ce," in ji Nomau. "Wagga in ta yi ƙarya kowa na gani. Mako bakwai tana dafa wa wani ɗan kasuwa abinci, ban taɓa ganin ƙeyarshi ba."

Tasalla ta sunkuyar da kai tana danne dariya.

Dogo ya ce magana dai an yi ta a kan kambu, ga jaki a waje. Nomau ya ce a mayar da jaki. Ya ce shi ba don yana jin daɗin birni ba ne, garin da ba a san kowa ba, amma aiki ya riƙe shi. Yarinyar nan ba ta san tsamiya ba, ba ta san gishiri ba, ranar da ya ɗaga ƙafa 'yan dako za su watse, auren ma Allah kaɗai ya san ko zai kai baɗi. Yana faɗin haka ya jawo 'yar tukunyar gabansa a fili, ya ɗauki ludayi. Alala ce da aka murje cikin romo da man shanu. Dogo ya zauna dirshan yana kallon ubansa yana ci, loma bayan loma, ba sauri ba tsayawa, har ludayi ya fara karce gindi. Can ya ninke jan ƙyallen ya mayar da shi ƙarƙashin kambun da hannunsa, ya tura sama, ya sauke hannun riga.

Ya ce zai dawo bayan girbin wake ya sake dubawa. Nomau ya ce ya zo da kabewa, ta birni ba ta da zaƙi.

Kafin ya wuce kasuwa Dogo ya kwance jakarsa ya fito da tsarabar da ya kawo wa Baba: zabuwa guda, an gasa ta an busar a kan hayaƙi har ta yi ƙarfin icce. Ya aje ta gaban uban da hannu biyu. Nomau ya yi godiya mai tsawo, ya yaba girmanta. Gado ya gyara zama, ya miƙa hannu wai zai duba ko ta gasu.

Tasalla ta riga shi. Ta ɗauke zabuwar ta fuka-fuki, ta ce da ni in kula mata da kunu kada ya kama, ta nufi madafa tana tambayar wa ya ɗauke mata taɓarya.